Bilanda na tartsatsi da ƙauri: gawayi ne ya cinye ko koyil ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bilandata ta shekara uku, da ita nake markaɗen kayan miya da waken ƙosai, ƙaramin kofin kuma na niƙa yaji. Kwana biyun nan idan na kunna sai in hango tartsatsi ta ramukan ƙasa, ga ƙauri. Wani mai gyara a Sabon Gari ya ce gawayi ne, wani ya ce koyil ya ƙone, in sayi sabuwa. Wa zan bi? Uwargida daga Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai ki cire ta daga soket, kada a ƙara kunnawa don a ga ko ta warke. Gyaran gawayi kuɗi kaɗan ne, amma duk kunnawar da aka ƙara a wannan hali tana kai injin ga ƙonewar da ba ta da araha.

A cikin injin akwai dunƙulen da ke juyawa, wanda masu gyara ke kira amecha, an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe mai rufin banish, naɗin wayar nan shi ake kira koyil. A ƙarshensa akwai zobe na 'yan yankunan jan ƙarfe a jere, kowane da siririn rami tsakaninsa da maƙwabcinsa. Gawayin nan guda biyu ne, ɗaya ta kowane gefe, sifirin na tura su suna gogar zoben, ta nan wuta ke shiga amecha yana cikin gudu. An yi su da laushi da gangan domin su su cinye, zoben ya tsira. Saboda haka ɗan tartsatsi shuɗi a daidai bakin gawayin, ko a sabon inji ana ganinsa.

Abin dubawa shi ne kamannin tartsatsin, kuma tunda kin riga kin gani, tunawa kawai za ki yi. Idan gawayi ya gajarce, sifirin ba ya danna shi sosai, sai ya riƙa tsalle a kan zoben. Tartsatsin yana zuwa yana ɗaukewa, a wuri ɗaya, ƙarar injin tana yankewa kamar mai tari, wani lokaci ma ya ƙi tashi sai an ɗan buga jikinsa. Warin mai kaifi ne, irin na wajen masu walda, kuma yana bajewa da an kashe. Idan kuwa wayar amecha ta haɗe ko ta tsinke, wutar kan ja ta bi zoben ta kewaye shi kamar awarwaro, injin ya rasa ƙarfi ko da kofin babu komai, jikinsa ya ɗau zafi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ƙaurin banish ne, mai nauyi kamar roba ta ƙone, kuma ko gobe kika shinshina ramukan iskar za ki ji shi. Ni dai idan aka kawo mini inji, hancina nake fara kai wa kafin sukundireba.

Amma hanci ba ya yanke hukunci, mitar gwaji ta masu gyara ke yi. Ki ce wa mai gyaran ya buɗe a gabanki, ya zaro gawayin biyu. Idan saura bai wuce milimita 5 ba, ko bakin ya ɓalle, ko sifirin ya canza launi ya saki, to sun gama aiki. Nan ne da yawa ke tsayawa, kuma nan kuskuren yake, domin amecha mai ciwo shi ma yana cinye gawayi da sauri. Gajeren gawayi bai wanke koyil ba. Sai ya sa mita a ma'aunin om, ya auna tsakanin kowane yanki na zoben da na kusa da shi, har ya zagayo. Lambar kanta ta bambanta daga inji zuwa inji, abin nema shi ne su zo kusan ɗaya. Wurin da ya faɗi ƙasa sosai, waya ta haɗe. Wurin da ya haura sosai, ta tsinke. Daga nan ya auna tsakanin zoben da sandar ƙarfen tsakiya, nan bai kamata mita ta nuna wata hanya ba ko kaɗan. Koyil biyun da ke manne a jikin injin su ma a gwada, su zo daidai da juna.

Wata mai sayar da alale ta taɓa kawo mini irin taki, an sa mata gawayi sabo mako biyu kacal da suka wuce, ga shi har ya zaizaye rabi. Da na bi zoben, ko'ina om 2 da 'yan kai nake samu, sai wuri ɗaya ya nuna ƙasa da rabin om, yankunan wurin sun yi baƙi, wayar da ke bayansu ta koma launin gasasshiyar gyaɗa. Da na tambaya, ashe wake take cika wa kofi da ruwa kaɗan, ta danna ta bari har sai ya yi laushi, sau da yawa da yamma lokacin da wutar unguwa ta yi ƙasa da volt 230 ɗin da aka yi injin dominta. Injin da nauyi ya danne yana jan wuta da yawa, fankar cikinsa kuma ta rage gudu, banish ya dahu. Kuɗin gawayin farko asara ta yi.

Akwai iyakar mitar da ya kamata in faɗa. Idan zagaye ɗaya ko biyu na waya ne kawai suka haɗe, ƙaramar mita ba lallai ta kama ba. Shi ya sa bayan an sa sabon gawayi ake kunna injin babu kaya na ɗan lokaci a duba. Idan awarwaron wutar nan ya dawo, ko ya ɗau zafi nan take, amecha ne, ko me mita ta ce.

In komai ya fita lafiya, a canza gawayin duka biyu, masu girman na asali, waɗanda ke zamewa cikin gidansu ba tare da maƙalewa ba. A goge zoben da samfefa mai laushi, a tsefe ƙurar gawayi daga ramukan da tsinke, domin ƙurar nan tana ɗaukar wuta ta haɗa yankunan. Mai gyaran ya kuma juya sandar tsakiyar da hannu ya girgiza ta. Idan tana wasa, bushin da take juyawa a cikinsa ya ci, zoben zai riƙa kaɗawa, tartsatsi ya dawo. Ya duba robar ƙasan kofi ma, don ruwan tattasai da ke tsiyaya cikin inji ya kashe bilanda da yawa.

In kuwa amecha ne, a ganina kada ki biya a sake naɗa shi. Injin nan yana juyawa sama da sau 10,000 a minti, naɗin hannu da wuya ya daidaita nauyinsa, sai ki samu girgiza da ƙara. Gara a nemo amecha ko inji sukutum na irinta, ki kwatanta kuɗin da na sabuwa. In ya kai rabi, ni sabuwa zan saya. Bilandar hannu, wadda ake tsomawa a tukunya, lissafinta daban ne, yawancinsu a liƙe suke, buɗewa sai da fasawa, gawayinsu ma ba kasafai ake samu ba.

Idan ta dawo gida, wake ya jiƙu sosai, rabin kofi da isasshen ruwa, minti ɗaya ki huta mata. Busasshiyar citta kuwa ki fara farfasa ta a turmi kafin ta shiga ƙaramin kofin.