Sashen tasiri a filan ɗin kasuwanci: in biya kwansaltan ko in rubuta da kaina?

"Salam. Ina saida injin ban-ruwa na sola ga manoman rani a Kura, bashi suke ɗauka su biya bayan girbi. Masu zuba jari don amfanin al'umma sun ce sai na sa sashen tasiri da ɗorewa a filan ɗina, wani kwansaltan kuma ya ce dubu ɗari biyar zai rubuta min. In biya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, don abin da mutanen nan ke nema ba ya ofishin kwansaltan, yana gonar kwastomominka. In ka biya yau shafi huɗu zai kawo maka cike da "rage talauci" da tambarin muradun ci gaba mai ɗorewa 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, su kuwa sun gaji da ganin wannan, lamba suke so da kuma inda ka samo ta.

Ka samu manoma kamar 40 da ba a kafa musu inji ba tukuna, ka rubuta litar fetur nawa suke ƙonawa a ban-ruwa ɗaya, sau nawa a kaka, kwandon tumatir nawa suka cire bara, bayan girbi ka koma wajen su ɗin dai da tambayoyin nan. Wanda bai auna farko ba ba shi da abin nunawa daga baya.

Misali a ce lita 5 ne kowane ban-ruwa, sau 40 a rani, lita 200 kenan. Litar fetur na fidda hayaƙin kabon wajen kilo 2.3, kaga kilo 460 ga mutum ɗaya. In ka saida 300 kar ka yi saurin ninkawa da 300, wani nashi ya lalace, wani yana tada tsohon injinsa da asuba kafin rana ta fito, to in 240 ne ke aiki sosai ka rubuta 240, lita 48,000, tan 110. Kuɗin fetur ɗin da manomi ya huta kuma sai ka cire biyan bashinka a ciki, ragowar ce ribarsa ta gaskiya.

Sai inda mutane ke ɓoyewa, wato illa. Tunda rana kyauta ce wasu za su bar inji yana ta zuba har ruwan rijiya ya ja baya, sannan shekarar da tsutsa ta cinye tumatir kamar 2016 ya za ka yi da mai bashi, ƙwace inji ko ɗaga masa ƙafa? Rubuta amsar ƙarara, wallahi tambayar za ta zo.

Ma'aunan da masu zuba jarin suka saba da su na nan kyauta a IRIS+, kundin ma'aunan tasiri na GIIN, ƙungiyar masu irin wannan zuba jari, ka zaɓi uku ko huɗu da za ka iya kawo rahotonsu duk shekara. In lambobin sun haɗu sai ka ba kwansaltan ya duba lissafi ya gyara Turanci, kuma a sake ciniki don aikin ya ragu.