Miliyan 5 a hannu ko miliyan 6.5 bayan shekara biyu?

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan'uwa. Zan sayar da filina. Mai saye ya ce in zaɓa: ko ya ba ni naira miliyan 5 nan take, ko miliyan 6.5 bayan shekara biyu. Ni ɗan kasuwa ne, wanne ya fi mini?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka zaɓa, ka maido miliyan 6.5 ɗin nan zuwa kuɗin yau tukuna, domin naira ta yau da ta baɗi sunansu ne kawai ɗaya.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Farkon 2023 na sayar wa wani maƙwabcina fili, ya ce in jira shi shekara guda ya ɗora mini dubu 300 a kan miliyan 2. Har da murnata. A watan Mayu aka cire tallafin fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Mutumin kirki ne, ranar da ya faɗa ranar ya biya, ko kwabo bai rage ba. Amma da na je sayen simintin da na yi niyyar yin gini da shi, na tarar buhu ya kusa ninkawa. Kuɗi sun ƙaru a takarda, buhuna sun ragu a mota.

Tun daga nan nake wannan lissafin. Da farko ka tambayi kanka: in kuɗi suka shiga jarina, nawa suke haifarwa a shekara bayan an cire haya, dako da asara? A ce kashi 20 cikin ɗari ne. Kenan naira 100 ta zama 120 bayan shekara, shekara ta biyu kuma 120 ɗin ce za ta yi aiki, ta zama 144. To tunda tafiya gaba ninkawa ce da 1.44, dawowa baya rabawa ce da 1.44. Kalkuletar wayarka ma ta isa, in kuma Excel kake amfani da shi, ka rubuta:

```
=6500000/(1+0.2)^2
```

Zai ba ka kusan 4,514,000. Darajar alkawarin nasa kenan a yau, a wurinka. Ta gaza miliyan 5 da kusan dubu 486.

Na ce "a wurinka" da gangan, don wannan kason shi ne duk maganar. Wanda kuɗinsa ba sa kawo fiye da kashi 10 a shekara zai raba da 1.21, ya samu kusan 5,372,000, jira ya fi masa. Iyakar tana wajen kashi 14: in jarinka na wuce haka, karɓi na hannu. Kuma kada ka yi lissafin da kason da ya gaza tashin farashi. A ƙarshen 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari. Da kashi 30 kawai aka yi lissafin, miliyan 6.5 ɗin ta koma kusan 3,846,000. Sai dai kada ka haɗa ribarka da hauhawar wuri ɗaya ka tara, domin ribar da ka ƙirga da naira ta riga ta ɗauke ta a ciki.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce kashi 20 sau biyu 40, ya zabge kashi 40 daga miliyan 6.5, ya samu miliyan 3.9. Ya rage fiye da kima. Rabawa ake yi, ba ɗebewa ba.

Abin da lissafin ba ya gani kuwa shi ne halin mutum. Lissafin ya ɗauka ranar da aka ce ranar za a biya. In aka ja ka zuwa shekara ta uku da "ka ƙara haƙuri", sai ka raba da 1.728, ka sauko 3,762,000, ban da zirga-zirga da jin nauyi.

Maganar riba, nasan wani zai taso da ita. Mafi yawan malamai sun halatta farashin ajali ya fi na hannu, matuƙar an tsayar da farashi ɗaya lokacin ƙulla ciniki, ba a kuma ƙara komai in an yi jinkiri. Rage bashin da ya riga ya tabbata don a biya da wuri mas'ala ce daban, Malikiyya sun hana, wannan sai ka zauna da malaminka.

Da ni ne, miliyan 5 zan karɓa. In kuma ba ka son cinikin ya watse, nemi mai sayen ya raba miliyan 6.5 ɗin biyu: 3,250,000 bayan shekara ɗaya, sauran bayan ta biyu. Na farko ka raba da 1.2, na biyu da 1.44, jimilla kusan 4,965,000, ya kusa kamo na hannu. A rubuta, a sa shaidu, takardun fili kuma su zauna a wurinka har kwabon ƙarshe ya shigo.