Me ya sa Turancina ba ya zama a kunne?

"Ina aiki a Riyad. Nahawuna daidai ne, amma da na yi Turanci sai a ce in maimaita. Ina matsalar?"

Ɗan'uwa, ina kyautata zaton matsalar a kari take, wato yadda ake raba wa gaɓoɓi nauyi. A Hausa kowace gaɓa tana samun haƙƙinta. Muna da gajeren wasali da dogo, muna ɗaga murya mu sauke, amma ba ma cinye wasali. Faransanci da Sifaniyanci ma gaɓa-gaɓa suke tafiya.

Turanci kuwa gaɓoɓin da aka danna su ne ginshiƙi, na tsakaninsu sai a matse su. Ɗauki sunan Kanada. Bahaushe zai fito da "a" uku sarai. Bature zai danna gaɓar farko ya ja ta, sauran biyun su gajarce, wasalinsu ya dushe har da ƙyar ka ji shi. Kunnensa da wannan dannawar yake gane kalma. In ka ba kowace gaɓa nauyi ɗaya, ka ɗauke masa alamar da yake nema. Mu kuma mukan ɗauki dannawa a matsayin ɗaga murya kawai, mu manta da raunana sauran, kuma a ganina raunanawar ta fi wuya.

Kana ma jin irin wannan cinye wasalin a Larabcin mutanen Najad, yankin da Riyad take, inda kitab ke komawa ktab.

Ka naɗi muryarka kana faɗin jimla ɗaya, ka saurara kana buga tebur a duk gaɓar da ta fito da ƙarfi. In bugun ya kai yawan gaɓoɓin, ka sake, kana rage wasulan da ba a danna ba.