Me ya sa hali na uku bai kama T(n) = 2T(n/2) + n log n ba?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba mu T(n) = 2T(n/2) + n log n. Na ga n log n ya fi n girma, sai na ɗauki hali na uku na ƙa'idar masta, na rubuta Θ(n log n). Malami ya soke, ya ce amsar Θ(n log² n) ce. Don Allah ina na kauce?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Lissafinka na farko daidai ne: a sigar T(n) = aT(n/b) + f(n), a = 2, b = 2, f(n) = n log n, don haka n^(log_b a) ya zama n. Inda ka zame shi ne kan "ya fi girma". Hali na uku ba ya karɓar kowane irin fifiko. Yana son f(n) ya kai n^(log_b a + ε) aƙalla, inda ε tsayayyar lamba ce da ta fi sifili. Wato a nan sai f(n) ya kai n^1.1, ko n^1.01, ko da n^1.001 ne, amma dai lambar da ke saman n ta motsa. Idan ka raba n log n da n, log n ne zai rage maka, kuma log n ba ya iya bin sawun n^ε komai ƙanƙantar ε, muddin n ya ci gaba da girma. Saboda haka f(n) naka ya wuce hali na biyu, bai kuma isa na uku ba. Akwai rata tsakaninsu, kuma da gangan malamai ke zaɓo tambaya daga cikin wannan ratar.

Ajiye ƙa'idar tukuna, mu zana bishiyar kiraye-kirayen, don daga ita ƙa'idar ta fito. Ɗauki n = 1024, log kuma mai tushe 2, yadda log n zai zama 10 cif. A saman bishiya akwai kira guda mai girman 1024, aikinsa 1024 × 10 = 10240. A hawa na gaba kira biyu ne, kowanne mai girman 512. Log na 512 shi ne 9, don haka kowanne ya ci 512 × 9, su biyun 9216. Hawa na gaba kira huɗu masu girman 256, jimlarsu 1024 × 8 = 8192. Ka ga yadda abin ke tafiya: yawan kira yana ninkuwa, girman kowanne yana rabewa biyu, sai su kashe juna n ya tsaya yadda yake, log ɗin ne kaɗai ke raguwa da ɗaya a kowane hawa. A hawa na i, idan ka fara ƙirga daga sifili, aikin shi ne n(log n − i).

Yanzu tara su: 1024 × (10 + 9 + 8 + … + 1) = 1024 × 55 = 56320. Ganyayen ƙasa 1024 ne, in ka ba kowanne T(1) = 1, jimla ta zama 57344. Kwatanta da amsarka: n log n a nan 10240 ne kawai, wato aikin hawa na farko shi kaɗai. Ainihin aikin ya ninka shi fiye da sau biyar. Za ka iya cewa ai biyar tsayayyar lamba ce, Θ zai haɗiye ta. To ba tsayayya ba ce. Idan L = log n, jimlar 1 zuwa L ita ce L(L + 1)/2, ninkin kuwa (L + 1)/2. A n = 2^20 ninkin ya kai 10.5, a n = 2^30 ya kai 15.5. Yana hawa tare da log n, shi ya sa amsar ta zama Θ(n log² n).

Abin da ya kamata ka riƙe daga nan shi ne tambaya ɗaya da duk halaye ukun suke amsawa: daga hawa zuwa na ƙasa da shi, da nawa ake ninka jimlar aiki? Duba T(n) = 2T(n/2) + n², da n = 1024 ɗin dai. Sama 1048576, na gaba 524288, na gaba 262144. Kowane hawa rabin na samansa ne, kuma duk yadda ka tara rabi da rabin rabi ba za su wuce na farkon ba, don haka jimla ba ta kai 2n² ba. Wannan ne hali na uku na gaskiya: kiran farko ya ɗauke nauyin, amsa Θ(f(n)).

Juya shi kuma. Hanyar Karatsuba ta ninka manyan lambobi tana ba da T(n) = 3T(n/2) + n. Hawayen su ne 1024, 1536, 2304, kowanne ya ninka na samansa da 1.5, har ka sauka kan ganyaye 3^10 = 59049. Duk bishiyar 175099 ce, ba ta kai ninki uku na ganyayen ba. Wannan hali na ɗaya ne, amsa Θ(n^(log_2 3)), kusan n^1.585. Kuma ka lura, n^(log_b a) da ake sa ku haddacewa ba wani abu ba ne illa yawan ganyaye: zurfin bishiya log_b n ne, kowane hawa yana ninka kira sau a, kuma a^(log_b n) daidai yake da n^(log_b a). Hali na biyu kuma shi ne inda hawaye suke kai ɗaya, kamar 2T(n/2) + n, sai ka ninka aikin hawa guda da yawan hawaye ka sami n log n.

Taka bishiyar tana yaudara ne don tana raguwa. Mutum ya ga 10240, 9216, 8192 sai ya ce ai sama ne ya fi nauyi. Amma raguwar ta debewa ce, 1024 a kowane hawa, ba ta rabawa ba. Rabin hawayen na sama, kowannensu bai gaza rabin aikin hawa na farko ba, kuma yawansu kusan (log n)/2 ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa jimla ba za ta gaza kusan (n log² n)/4 ba.

Da ka gwada sharaɗi na biyu na hali na uku, da shi ma ya tsayar da kai. Ɗalibai da yawa suna tsallake shi, alhali ya fi gwajin ε sauƙi. Sharaɗin ya ce a·f(n/b) ≤ c·f(n), da tsayayyen c ƙasa da 1, ga duk n mai girma. A fili, aikin 'ya'ya in an haɗa ya zama wani tsayayyen kaso na aikin uwa. A naka, 2·f(n/2) = n(log n − 1). Raba da n log n ka sami 1 − 1/log n. A n = 1024 wannan 0.9 ne, a 2^20 ya zama 0.95, yana ta matsowa kusa da 1. Duk c da ka zaɓa, ko 0.99 ne, akwai n da zai wuce shi. A misalin n² kuwa 0.5 ne daga sama har ƙasa. Ni a ganina wannan rabawar, a·f(n/b) bisa f(n), ita ya kamata mutum ya fara yi kafin ya taɓa komai. In ta ba da tsayayyar lamba ƙasa da 1, sama ne ke da nauyi. In ta ba da tsayayya sama da 1, ganyaye ne. In 1 ce cif, ninka da yawan hawaye. In kuma tana rarrafowa zuwa 1, kada ka yarda da ƙa'ida, tara hawayen da hannunka.

Akwai faɗaɗɗen hali na biyu da ya rufe wannan ratar: idan f(n) = Θ(n^(log_b a) · log^k n) da k ≥ 0, to T(n) = Θ(n^(log_b a) · log^(k+1) n). Naka k = 1 ne, amsa ta fito kai tsaye. Sai dai ka duba wane nau'in aka koya muku a aji, don wasu malaman suna son ka rubuta cewa ƙa'idar ba ta aiki a nan, sannan ka nuna bishiya. Kuma ka kula da k ≥ 0 ɗin. A 2T(n/2) + n/log n, k = −1 ne, in ka cusa shi za ka sami log^0, wato Θ(n), kuma kuskure ne. Bishiya ta ba da n/(log n − i) a kowane hawa, jimlarsu n(1 + 1/2 + 1/3 + … + 1/L), wadda ke girma kamar log L. Amsar Θ(n log log n) ce.

Idan an ce ka tabbatar, bishiya hasashe ta ba ka, sai ka mayar da shi cikin lissafin. Gwada naka hasashen tukuna, T(n) ≤ c·n·L. Za ka sami c·n(L − 1) + nL, wato cnL − cn + nL. Don wannan ya tsaya ƙasa da cnL sai L ≤ c, abin da ba zai ɗore ba. Nan ne wasu ke rubuta "wannan ai O(n log n) ne" su wuce, kuma hujjar ta rushe ke nan, don dole ka dawo kan c ɗin da ka fara da shi. Da T(n) ≤ c·n·L² kuwa, za ka sami cnL² − 2cnL + cn + nL. Sa c = 2, ragowar ta zama −3nL + 2n, ƙasa da sifili ga duk L ≥ 1. Fara daga n = 2, inda T(2) = 4 kuma 2 × 2 × 1 = 4. Kada ka fara daga n = 1, don log 1 sifili ne, ba c da zai rufe T(1) = 1.

In kana son gani da idonka, ga gajeren gwaji a Python:

```python
def T(k):  # n = 2**k
    return 1 if k == 0 else 2*T(k-1) + 2**k * k

for k in (10, 20, 30):
    n = 2**k
    print(k, T(k)/(n*k), T(k)/(n*k*k))
```

Lambobin tsakiya za su fito 5.6, 10.55, sai kusan 15.53, suna ta hawa, alamar hasashen ya yi ƙasa. Na ƙarshe kuwa 0.56, 0.5275, sai kusan 0.518, suna zama kusa da rabi. Hasashe mai kyau haka yake nunawa: sakamakon rabawa ya lafa kan wata lamba, bai tafi sama ba, bai kuma zube zuwa sifili ba.

Wannan lissafin yana fitowa a aiki na gaske, galibi idan aka sa jerantawa a cikin kowane kira. Sanannen misali shi ne neman ɗigo biyu mafi kusa da juna a kan fili. Ana raba ɗigogin gida biyu bisa x, a warware kowane ɓangare, sannan a duba siririn zirin da ke tsakiya, wanda ke buƙatar ɗigogi a jere bisa y. In ka sake jera su daga farko a kowane kira, f(n) ya zama n log n, ka faɗa cikin n log² n. In kuwa ka jera sau ɗaya tun farko, ko kowane kira ya dawo da nasa jerin ka haɗe biyun a tafiya guda, f(n) ya koma n, duka aikin ya sauko zuwa n log n. A n = 2^20, bambancin shi ne kusan 210n da 20n.