Buhu ɗaya, bulo 200: nan kuɗinka suka narke

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tahoua. Bara na sayi injin matsa bulon ƙasa, na ɗora ƙanena a kan aikin, ina biyan yara gwargwadon yawan bulon da suka buga. Buhun siminti ɗaya yana ba mu bulo wajen 200, riba tana shigowa. Da ruwan Agusta ya sauka, katangar wani da na sayar wa ta zagwanye daga ƙasa, yana neman kuɗinsa. In canza siminti ne, ko in ci bashi in sayi babban inji mai lantarki?

Alhaji, bar maganar babban inji, kuma kada ka ɗora wa siminti laifi. Bulo 200 ɗin nan da kake lissafawa a riba, shi ne ɓarnar.

Mu yi lissafi. Bulon da yawancin injunan hannu ke fitarwa yana da tsawon santimita 29.5, faɗi 14, kauri 9, nauyinsa kilo bakwai da 'yan kai. Bangon da ruwa zai daka yana buƙatar siminti kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na nauyin busasshen haɗi. A kashi 6, buhu mai kilo 50 yana ɗaukar ƙasa kusan burweti goma, ya ba ka bulo wajen 110. A kashi 8, kimanin 85. Kai da kake samun 200, simintinka bai wuce kashi 3 da ɗan abu ba. Irin wannan bulon da rani ƙwam yake, sai ya sha ruwa ne asirinsa ke tonuwa. Mu ɗauka buhu jika huɗu: bulo mai kyau yana cin simintin sefa 36, naka yana cin 20. Dala uku ke nan ka tsira da ita a kowane bulo. A katangar bulo 3,000 ba ta kai jika hamsin ba, kuma a kanta ne yanzu za ka biya katanga sukutum.

Ban ce ƙanenka ɓarawo ba ne. Amma ka bar masa buhuna ba littafi, ga yara da ke cin kuɗi da yawan bulo. Wa zai tsaya yana tankaɗe ƙasa, yana juya ta da siminti a bushe har launi ya zama ɗaya, alhali kowane minti kuɗinsa ne? Na san wani a Yamai da ya bar wa ɗan yayarsa irin wannan aiki. Ma'aikata na kwaɓa haɗi da safe, su tafi cin abinci, su dawo su matsa bayan azahar. Siminti kuwa da zarar ya ji ruwa ya fara kamawa, cikin awa guda ya kamata haɗin ya shiga inji. Buhunan sun cika, bulon bai yi ƙarfi ba, shi kuma yana shago bai sani ba sai da magina suka daina zuwa. Zumunci ba ya hana rubutu. Kullum da yamma a rubuta buhu nawa aka buɗe, burweti nawa, bulo nawa, a kuma sa wa kowane tari kwanan wata. Ranar da buhu ɗaya ya ba da bulo sama da 120, ka tambayi dalili a ranar.

Tambayi ƙanenka kuma inda ake ajiye sabon bulo. In a rana ake shanya shi kamar tubalin laka, to ko simintin da aka sa bai yi aiki ba, domin da danshi yake yin ƙarfi, iskar hunturun Adar kuwa tana tsotse danshin kafin gari ya waye. A lulluɓe shi da leda aƙalla mako guda, yana gumi a ciki, sannan ya ƙarasa bushewa a inuwa. Kada ko ɗaya ya fita kafin kwana 28.

Gwajin ba ya cin ko dala. Daga kowane tari ɗauki bulo uku, nutsa su a ruwa kwana ɗaya cur. In ruwan ya rine, gefen yana marmashewa a yatsa, wannan tarin ba na bangon waje ba ne.

Sauran laifin yana wurin gini, kuma ka faɗa wa duk mai saye da bakinka. Ko bulo mai kashi 8 ba a kafa shi a ƙasa kai tsaye. Tushe na dutse ko kankare ya tashi aƙalla santimita 30 sama da ƙasa, katanga ta samu murfi a kai, indararo ya jefa ruwa nesa da bango. Masallacin Dandaji, nan cikin jiharku, wanda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara aka gama a 2018, da irin wannan bulon aka gina shi. Je ka gani da idonka, ka tafi da ƙanenka.

Shi kuwa mai katanga, sake masa ita da bulon da ya ci gwajin ruwa, a kan tushe mai tsayi, tun kafin labarin ya zagaye kasuwa. Babban inji ya jira sai littafinka ya cika damina guda ba wanda ya dawo da ƙorafi.