Tambayoyin Fasaha: Zaƙulo Jigogi Daga Hirarrakin Bincike

Na yi hira da mata 18 kan haihuwa a gida, na buga komai a Word. Na ƙirga kalmomin da suka fi maimaituwa da Ctrl+F, amma malamina ya ce waɗannan ba jigogi ba ne. Ina kuskuren? (Ɗaliba, Zariya)

Malaminki ya ma yi miki sassauci. Wannan ɗabi'a ta ƙirga kalmomi ta ishe ni, kamar masu auna hatsi a Dawanau. Kwamfuta ba ta san ma'ana ba. Matar da ta ce "ai ba kuɗi ne matsalar ba" za ta shiga lissafinki na masu kukan kuɗi, wadda kuma ta ce "babu hali" ko "abin hannu ya yi ƙaranci" ta kuɓuce miki. Idan ma kin buga "kudi" a wani wuri, "kuɗi" a wani, Word kalmomi biyu yake gani.

Ki karanta kowace hira sau biyu kafin ki taɓa komai. A karo na uku, duk inda aka faɗi abin da ya shafi tambayar bincikenki, ki haskaka jimlar, ki danna `Ctrl+Alt+M` don buɗe akwatin sharhi, ki rubuta gajeren laƙabi: "jiran izinin maigida", "uwar miji ta hana", "maigida ba ya gari". Bayan hira huɗu ki tsaya ki tace laƙuban, domin za ki tarar kin ba abu ɗaya suna uku.

Sai ki kwashe su zuwa Excel a layuka huɗu na tsaye: lambar mai magana, mintin da ta faɗa a faifan hirar, maganar, laƙabin. Ki tace da Filter. Laƙuba ukun nan idan sun haɗu suna faɗin abu guda: shawarar zuwa asibiti ba a hannun mai naƙuda take ba. To, wannan ne jigo. "Iyali" kawai kan magana ne. Ki kuma duba layin lambobin. In duk maganganun daga bakin mata biyu masu surutu suka fito, jigon bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna.

Dole ne in sayi NVivo? (Malami, Maraɗi)

A'a. Taguette, wadda ita ma manhajar sa wa maganganun hira laƙabi ce kamar NVivo, kyauta ce, tana karɓar fayil ɗin Word, tana fitar da maganganun da ka haskaka zuwa Excel. Hira ashirin ba ta buƙatar fiye da haka.

Zan iya gyara maganar da zan kafa hujja da ita? Akwai "ka gane" da yawa. (Ɗalibi, Katsina)

Cire maimaici ka sa ɗigo uku a gurbinsa, amma kada ka mayar da Katsinanci Hausar jarida. Zaɓi maganar da ta yi kama da ta yawancin mutane, ba wadda ta fi daɗin ji ba, ka ƙara ɗaya da ta saɓa. Goge sunaye da unguwa, ka sa lamba kamar M07, sannan ka sake sauraron wurin a faifan kafin ka manna.