Dubu ashirin a mita mai kati: yunit nawa ya kamata ya fito?

Oga, Alhajin da muka yi wa wayarin ɗin shago ya sayi wutar dubu ashirin, an ba shi yunit 70.6. Na raba kuɗin da 209.50, farashin layinsu, na samu 95 da ɗoriya. Ya ce mitar ce ke cin wuta, in zo in duba. In buɗe ta ne?

Kada ka taɓa ta. Hatimin da ke jikinta na kamfani ne, in ka ɓalle shi kai da Alhaji za ku sha tara, kuma babu abin da za ka gani a ciki. Mita ba ta san naira ba. Lambobi ashirin ɗin nan da ake dannawa yawan yunit suke ɗauke da shi, an gama lissafin kuɗi tun a na'urar kamfani kafin a fitar da su. Ita kamar mudu ce, abin da aka zuba mata shi take aunawa. Gwajinta ɗaya ne: a karanta ragowar da ke fuskarta kafin a loda, a sake karantawa bayan an loda. In ta ƙaru da 70.6 kamar yadda rasit ya nuna, ta fita daga zargi, sai ka koma kan takarda.

Abu na farko da lissafinka ya tsallake shi ne haraji. Naira 209.50 da aka sa wa Band A, rukunin layukan da suka fi samun wuta, a watan Yulin 2024 farashin yunit ne tsurarsa, ba a ɗora masa harajin VAT ba, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020. Kuɗin da mutum ya miƙa kuwa da harajin a cikinsa. A nan yara da yawa ke zamewa: sai su cire kashi 7.5 daga dubu ashirin, su samu 18,500. Ba haka kamfani ke yi ba, domin a kan kuɗin wutar ake ɗora harajin, ba a kan jimlar da aka biya ba. Rabawa ake yi da 1.075. Dubu ashirin a raba da 1.075 ya ba ka 18,604.65, shi ne kuɗin wuta, ragowar 1,395.35 na gwamnati ne. Tazarar hanyoyin biyu a nan rabin yunit ce kawai, amma ranar da mai injin niƙa ko mai gidan ƙanƙara ya sayi ta dubu ɗari biyu, yunit biyar za ka ɓatar a lissafi, kuma irinsu ba sa yafe yunit biyar.

Ni na fi son in haɗa harajin da farashin tun farko in riƙe lamba ɗaya a kai. Ka ninka 209.50 da 1.075, za ka samu 225.21. Kuɗin yunit guda ke nan a aljihun mai saye. Dubu ashirin a raba da 225.21 ya zama yunit 88.8. Wannan ne abin da Alhaji zai samu in ba a taɓa kuɗinsa da komai ba sai haraji, ba 95 ba.

To, saura giɓin da ke tsakanin 88.8 da 70.6, wato yunit 18.2. Mayar da shi kuɗi: 18.2 sau 225.21 ya kama kusan naira 4,100. Ka ga yadda lambar ta fito kusan cif? Kuskuren farashi ba ya fitowa haka. In ka ga giɓi ya tsaya a kan lamba mai kyan gani, wani abu aka zare daga kuɗin tun kafin a zo kan wuta. Hasashena shi ne naira ɗari ladan manhajar waya ko mai POS ɗin da ya saya masa, dubu huɗu kuma bashi. Mu gwada mu gani: 20,000 a cire 100 a cire 4,000, saura 15,900. A raba da 1.075 ya zama 14,790.70. A raba da 209.50 ya ba da 70.6. Ya zauna daram. Ka lura da jerin: abin da ake cirewa kai tsaye shi ne farko, haraji na biye, farashin yunit a ƙarshe. In ka cire harajin kafin ka zare ladan da bashin, amsar za ta kauce.

Bashin nan shi ne ya fi tayar da rigima. Yawanci na tsohon bil ɗin ƙiyasi ne, wanda aka tara kafin a sa mita, sai kamfani ya ɗaura shi a kan lambar mitar yana yanka a hankali duk lokacin da aka sayi kati. A shagon haya sau da yawa ma na wanda ya tashi ne, sabon ɗan haya ya gaje shi bai sani ba. Akwai kuma sabuwar mita da ke zuwa da 'yan yunit a ciki. Ba kyauta ba ce, ana cire kuɗinsu a sayen farko, amma wannan sau ɗaya ne ya wuce. Saƙon waya ba ya nuna duk wannan, lambobi da yawan yunit kawai yakan kawo. Ka sa Alhaji ya karɓo cikakken rasit, ka nemi layin da aka rubuta Debt ko Arrears.

Zai iya ce maka kuɗin wata-wata ne aka cire, irin na da. Dattawa har yanzu suna tuna shi, naira 750 a wasu wuraren, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Hukumar NERC, mai sa ido a kan kamfanonin wutar lantarki, ta soke shi tun Fabrairun 2016, don haka bai kamata ka gan shi a rasit ɗin kamfanin rarraba wuta ba. Amma yana da kyau ka san yadda yake aiki, domin rukunin gidaje da kasuwannin da ke sayen wuta a dunƙule su sayar wa mazauna suna da irin nasu, a Ghana ma akwai shi a tsarin farashinsu. Halinsa taruwa ne. Wanda ya yi wata uku bai sayi kati ba, sayen farko za a zare na wata ukun gaba ɗaya, na biyu a cikin watan kuma ya fito cikakke. Da haka ake bambance shi da bashi, wanda ke bin kowane saye.

Ladan naira ɗarin kuwa ba ya duba girman kuɗi. A dubu ashirin rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ba wanda zai ji shi. Mai sayen ta dubu ɗaya kullum kuwa kashi goma yake bayarwa a kowane saye. Talaka ne ke shan wannan, shi ya sa nake ce wa masu shago su tara su saya sau ɗaya in da hali.

Wani lokaci ba a cire komai ba, farashin ne ya sauya. Raba kuɗin da yunit ɗin da aka samu. In ya fito kusan 225, mitar tana Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa ashirin a rana. Sauran rukunai farashinsu bai kai rabin haka ba, shi ya sa wanda aka ɗaga layinsa zuwa Band A yakan ga yunit ɗinsa ya zube ƙasa warwas a dare ɗaya. Na Alhaji ya fito 283, kuma babu rukunin da ke da wannan farashi, wata shaidar ke nan cewa yanka aka yi. Farashi yana motsawa, don haka kullum ka ɗauki wanda ke kan rasit ɗin ranar, kada ka dogara da wanda ka haddace.

In layin bashin ya bayyana kuma Alhaji bai yarda da shi ba, ya tafi ofishin kamfanin da rasit, lambar mita da takardar hayar da ke nuna ranar da ya shiga shagon, ya nemi a buga masa tarihin asusun. Ya rubuta ƙorafinsa, ya riƙe kwafi mai hatimi, domin in ba su warware ba, da shi zai ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sa ido a kansu.